Sabulun da na haɗa yana cin hannu, in haƙura da sana'ar ne?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, yarana uku. Na ɗauki adashina na je na koyi haɗa sabulun wanki na kwana uku, aka ce mana soda kilo 1 a ruwa lita 3, sannan mai kofi biyu ruwan soda kofi ɗaya. Zubin farko ya yi kyau sosai har na sayar. Na biyu alayyadi ya yi tsada sai na yi lita 5 alayyadi lita 5 man gyaɗa, wallahi maƙociyata ta dawo min da shi hannunta duk ya saɓule. Na uku na koma alayyadi zalla amma sati biyu ya ƙi daskarewa, sai mai yake tsatsa. Maigida ya ce in bari haka nan ina zubar da kuɗi, ragowar jarina dubu 40 ne. In koma cin-cin ne ko ya zan yi? Dan Allah a bani shawara, abin ya hana ni barci.

Wata baiwar Allah daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ni dai shawarata kar ki bar sabulun nan yanzu, domin duka matsalolin biyu an san dalilinsu kuma sikeli guda ɗaya da sabuwar soda busasshiya su ne babban maganinsu. Tunda zubin farko ya fito daidai toh hannunki ya iya, abinda ba a koya miki ba shi ne dalilin da ya sa awon nan yake aiki, shi ya sa da kika taɓa abu ɗaya komai ya rushe baki gane daga ina ba.

Bari mu fara daga awon da aka baki. Ba ƙarya aka yi miki ba, awo ne mai kyau, amma na man alayyadi ne kawai. Kowane mai akwai iya sodar da yake iya cinyewa ya zama sabulu, in kin bashi ƙasa da haka mai zai yi saura, in kin bashi fiye da haka soda zata yi saura, kuma wannan ragowar sodar ita ce take cin hannun mutane. Kilo ɗaya na alayyadi yana cin soda wajen giram 175. Kilo ɗaya na man gyaɗa kuwa wajen giram 137 kawai yake ci, manja da kitsen shanu wajen 141, man kaɗanya ma ƙasa da haka wajen 128. Kinga alayyadi shi ne mai cin soda da yawa a cikinsu, banda man kwakwa da ya ɗan fishi, don haka duk ranar da kika cire alayyadi kika sa wani mai a madadinsa kuma baki rage soda ba, sabulu mai cin hannu zaki samu ko da wa ya koya miki.

Mu lissafa naki ki gani da idonki. Ruwan sodar da aka haɗa kilo 1 a lita 3, kowace lita ɗaya tasa tana ɗauke da soda wajen giram 320. Mai lita 10 kin bashi ruwan soda lita 5, wato soda kusan kilo 1 da giram 600 kenan. Ita lita ɗaya ta mai bata kai kilo ba, wajen giram 910 ce. Toh alayyadinki lita 5 yana buƙatar wajen giram 800, man gyaɗan lita 5 yana buƙatar wajen giram 625, in kin haɗa 1,425. Kinga akwai soda wajen giram 175 da ta rasa man da zata ci, tana nan zaune a cikin sabulun da ƙarfinta, mace ta sa hannu ta yi wanki na awa ɗaya dole fata ta saɓule. Kuma banda wannan ma man gyaɗa baya bada sabulu mai tauri da kumfa irin na alayyadi, ga shi mai ne na ci da kuɗinsa bai cika sauka ba, in dai don rage tsada ne gara manja da aka wanke launinsa ko kitse da aka narke aka tace, su ma ɗin da nasu awon.

Na ukun kuma akasin haka ne ya faru, sodar ce ta gaza. Ina kyautata zaton ragowar sodar da kika buɗe tun zubin farko ce kika ɗebo, ƙila bakin ledar a ɗaure sama sama. Soda tana shan danshin iska kamar me, musamman da damina, zaki ga ta fara cuɗewa tana jiƙa ko ta dunƙule ta yi farin ɓawo. Wadda ta kai haka in kin auna kilo ɗaya ba kilo ɗaya na soda kika auna ba, wani kaso ruwa ne wani kason kuma ya riga ya mutu, ƙarfinsa ya tafi. In kuma da gwangwani kike awon toh abin ya ƙara taɓarɓarewa, saboda akwai soda mai fale-fale kamar ɓawon kifi akwai mai ƙwaya ƙanana kamar suga, gwangwani ɗaya na wannan da na waccan nauyinsu ba ɗaya bane. Abu na biyu da zai iya jawo haka shi ne saurin zubawa a mazubi tun haɗin bai kama ba, sai mai ya taso sama ruwan soda ya kwanta ƙasa. Ki yanka guda ɗaya ki duba. In duk jikinsa laushi ne iri ɗaya da maiƙo, soda ce ta yi kaɗan. In kuma sama mai ne ƙasa akwai ruwa ko wasu ramuka masu ruwa a ciki, juyi ne bai isa ba, kuma wannan ruwan kar ki taɓa shi da hannu tsirara don soda ce.

Don haka abu na farko da zaki saya daga cikin dubu 40 ɗin nan ba mai bane, sikeli ne, ƙaramin nan na kicin mai batir da yake nuna giram ɗaya ɗaya har kilo 5 ko 10, irin wanda masu kek suke amfani da shi. Daga yau ki manta da kofi da gwangwani, mai ki auna da sikeli, soda da sikeli, har ruwan ma. Masu yin da yawa suna da wani gilashi da ake tsomawa a ruwan soda, haidiromita, su tabbatar ya nuna wajen 1275, yana da amfani in kina jiƙa soda da yawa kina ajiyewa, amma ke a matakin da kike sikeli da sabuwar soda busasshiya sun isheki. Ki riƙa sayen iya wadda zaki yi aiki da ita, ragowar a robar da take da murfi mai kamawa gam.

Kuma dan Allah zubi na gaba kar ya wuce mai kilo ɗaya. Na san zaki ce ai wannan wasa ne, toh amma asarar kilo ɗaya da asarar lita 10 ba ɗaya bane, kuma abinda kike nema yanzu ki tabbatar da awonki da ingancin man da kike saya. Ga yadda zaki yi: alayyadi giram 1,000, soda giram 170, ruwa giram 380. Na rage giram biyar daga sodar da gangan, don in an ɗan samu kuskure ya faɗa ɓangaren mai, wanda ba zai cutar da kowa ba. Ki zuba ruwan a roba mai kauri, sannan ki riƙa zuba sodar a cikin ruwan kaɗan kaɗan kina juyawa da muciya, soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda don zai iya tafasowa ya fantsamo miki. Zai yi zafi sosai kamar an ɗora a wuta, ga wani tururi mai shaƙe maƙoshi, saboda haka a tsakar gida zaki yi ki kauda fuskarki. Ki barshi ya huce, shi ya sa masu koyarwa suke cewa a jiƙa a kwana, ba wani sirri bane illa ya narke duka ya yi sanyi.

Man kuma ki tace shi da ƙyalle. In lokacin sanyi ne zaki tarar alayyadi ya daskare, ki ɗan ɗumama shi ya narke duka ya koma ɗumi ɗumi, kar ki haɗa da shi yana da gudaji kuma kar ki haɗa yana da zafi. Wannan daskarewar ma hanya ce ta gwada shi, ki ɗiba kaɗan a ƙaramin kofi ki sa a firij, na gaskiya zai daskare gaba ɗaya ya yi tauri, in kin ga wani sashe ya ƙi daskarewa ko ruwa ya kwanta a ƙasa toh an yi masa gauraye, ki canja wajen saye. Sai ki zuba ruwan sodar a cikin man a hankali kina juyawa ba tsayawa. Zaki ga ya fara canja kala yana kauri. Alamar da zaki jira ita ce ya yi kamar koko mai kauri, in kin ɗaga muciya kin ɗiga a samansa layin ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya nutse. Da hannu zai iya ɗaukar minti 20 zai iya kai kusan awa, ya danganta da zafin gari da man. In ya kai nan ki sa turarenki da kala ki juya da sauri ki juye a mazubin da kika shimfiɗa wa leda, ki rufe. Wani turaren yana sa haɗin ya daskare nan take a cikin bokiti, shi ma dalili ne na gwaji da kaɗan.

Na alayyadi zalla yana saurin tauri, washegari ki cire ki yanka, in kin barshi kwana uku zai riƙa farfashewa a wuƙa. Sannan ki jera a inuwa inda iska take shiga, kar su taɓa juna, kina juya su, har sati huɗu. Na san a kasuwa akwai masu fitar da shi bayan kwana uku ko biyar, kuma za a ce miki ai haka kowa yake yi. Amma ɗanyen sabulu yana da kaifi a hannu kuma yana narkewa da wuri a ruwa, matar da ta saya zata ce na wance baya auki, kuma a cikin unguwa wannan maganar ita ce take kashe ciniki. A wannan lokacin in kin ga wani farin gari siriri a samansa kar ki tsorata, in kin goge ya fita ba komai bane. Wanda yake da matsala shi ne mai farfashewa kamar alli har cikinsa. Ki nemi takardar gwajin pH, wadda take nuna kaifin sabulu, a wajen masu sayar da kayan haɗin, ki jiƙa sabulun ya yi kumfa ki manna, in ta nuna 9 zuwa 10 lafiya, in ta haura 11 zuwa sama kar ya fita daga gidanki. Bayan haka ki yi wankin gidanki da shi na sati ɗaya kafin ki kai wa kowa.

Su soda ash da silikat da farar ƙasa da ake cewa a ƙara don auki, ki ajiye su tukuna. Suna da wajen amfaninsu amma kowanne kika ƙara kin ƙara wata ƙofar kuskure, kuma in ya lalace ba zaki san wanne ne ya jawo ba. Ki samu zubi uku a jere masu kyau da mai da soda da ruwa kawai, sannan ki fara gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu maganar waɗanda suka lalace, kar ki zubar. Allah ya taimake ki ɗaya soda ta yi masa yawa ɗayan kuma mai ya yi masa yawa, ana iya haɗa su su gyara juna. Ki sa safar hannu ki goge mai cin hannun a abin goga kuɓewa, ki ɗebi rabin kilo nasa da rabin kilo na mai laushin, ki yayyafa ruwa kamar rabin kofi, ki ɗora a wuta kaɗan kaɗan kina juyawa har ya narke ya haɗe kamar tuwo mai laushi, ki danna a mazubi. Bayan kwana uku ki gwada da takardar nan. In har yanzu yana da kaifi ki ƙara kason mai laushin, in ya yi daidai sai ki yi sauran da wannan awon. Ba zai yi santsi da kyau irin sabo ba, ki barshi na wankin gida da wanke-wanke, ko banza kin huta sayen sabulu na watanni kuma wannan kuɗi ne da maigida zai gani a aljihunsa. Amma ki kula, kar ki kuskura ki yi wannan a tukunyar dalma, soda tana cin dalma har ta fitar da iska mai kama wuta, kuma yawancin tukwanen gidajenmu dalma ne. Ki samu ta ƙarfe mara tsatsa ko tsohon rabin duro, kuma duk abinda ya taɓa soda ya bar kicin kenan har abada.

Akwai abinda ya fi duk wannan damuna a wasiƙarki, yara uku. Ruwan soda in ya huce ba ya da maraba da ruwan sha a ido, ba kala ba wari, kuma likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna ganin yaran da suka sha shi a gidajen masu haɗa sabulu, yana ƙone maƙogwaro ya tsuke hanyar abinci, wani yaron sai an yi ta aiki shekara da shekaru kafin ya iya haɗiyar tuwo. Jiƙa sodar nan a kwana a tsakar gida a buɗaɗɗen bokiti shi ne babban haɗarin sana'ar. Kar ki taɓa zuba shi a robar ruwa ko ta lemo ko kofi. Bokiti mai murfi, a ɗakin da ake sa kwaɗo, kuma ki yi aikin lokacin da suke makaranta. In ya zubo a fata ki cire kayan ki yi ta kwarara ruwa na minti 15 zuwa 20, ido ma haka sannan a tafi asibiti. In Allah ya kiyaye yaro ya sha, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko tsami, a ɗauke shi zuwa asibiti a take. Ke ma safar hannu ta roba mai tsawo da tabarau da takalmi rufaffe duk ranar haɗi, ba wai sai kin ga dama ba.

Mu zo kan kuɗi, don nan ne maganar maigida take. In gwajin ya yi, zubinki na sayarwa ya zama mai kilo 5, soda giram 850, ruwa giram 1,900. Zai baki sabulu wajen guda 48 da zasu tsaya kusan giram 150 bayan sun bushe. Ga misalin lissafi, ke sai ki cire nawa ki sa farashin da kika tarar: a ce man ya ci 12,500, soda 1,500, turare da kala da leda 2,000, kuɗin mota 1,000, ya zama 17,000, kowane guda ya tsaya miki a wajen 355. Sai ki je shagon unguwarku ki ga nawa ake sayar da na kamfani mai wannan girman. In ba zaki iya sayarwa ƙasa da shi kaɗan ki ci riba ba, toh matsalar a wajen sayen mai take, tunda kinga shi kaɗai ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin. Alayyadi daga kudu yake zuwa, mai sayen lita lita a hannu na uku ko na huɗu take saya, maganinsa ku haɗu ku uku ko huɗu cikin waɗanda kuka yi koyo tare ku sayi jarka ku raba. Ki tuna kuma kuɗin da kika zuba yau sai bayan wata zai fara dawowa, shi ya sa bana son ki juye dubu 40 a zubi ɗaya. Sikeli da safar hannu da gwaji, sai zubi ɗaya na kilo 5, sauran ki riƙe har na farko ya fara fita.

Shi maigida ki fahimce shi, abinda ya gani asara biyu a jere ne da maƙociya da ta zo da ƙorafi, kowa ne zai ce a tsaya. Kar ki ja da shi. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance ki nuna masa lissafin sodar nan a takarda, ki ce kin gano inda kuskuren yake, ki roƙi ya barki ki gwada kilo ɗaya tak, in bayan sati huɗu bai yi ba kin haƙura. Ki faɗa masa kuma inda zaki riƙa kulle sodar saboda yara, ƙila ma wannan na cikin abinda yake ransa bai faɗa ba. Maƙociyar kuma ki taka da ƙafarki har gidanta, ki bata haƙuri ki mayar mata da kuɗinta, ki tambayi hannun ya yake, in akwai wasu da kika sayar wa daga wancan zubin ki bi ki karɓo. In sabon ya fito ya wuce gwaji ita zaki fara kai wa guda biyu kyauta.

Cin-cin ba laifi bane, yana da saurin juya kuɗi fiye da sabulu, yau ki soya gobe ki sayar. Amma shi ma fulawa da suga da mai da gas ne, masu yinsa sun cika ko'ina, kuma in ya yi sati biyu zuwa uku a shago bai fita ba ya fara warin mai sai ki kwaso abinki, shi kuwa sabulu in an ajiye shi a busasshen waje ƙara tauri yake. Zaki koma ɗaliba a sabuwar sana'a da ragowar jarin da ba zai ɗauki kuskure ba, alhali a wannan kin riga kin biya kuɗin koyo har sau uku. Nan gaba in ciniki ya buɗe har kina son sa suna a leda ki kai manyan shaguna, akwai rajistar suna a CAC da lambar NAFDAC, amma wannan maganar wani lokaci ce.

Ki samu ƙaramin littafi, duk zubi ki rubuta ranar, inda kika sayi man, nauyin komai, da minti nawa ya ɗauka kafin ya yi kauri. In gwajin kilo ɗayan ya cika sati huɗu ki sake rubuto min da abinda takardar pH ta nuna, in akwai gyara sai mu duba tare. Allah ya sa albarka, ya mayar miki da abinda kika rasa.